Wasiƙar Gayyatar Shan Ruwa: Yadda Musulma ke yi wa abokiyar aikinta Kirista bayanin azumi

A shekarar 2025 Musulmin Najeriya sun ɗauki azumi ranar Asabar 1 ga Maris. Kwana huɗu bayan haka, ranar Laraba 5 ga wata, Kiristoci da yawa suka shiga nasu azumin na Lent, na kwana arba'in kafin Ista. A gari irin Kaduna, inda ofis ɗaya ke haɗa mabiya addinan biyu, sai ga mutum biyu a teburi guda kowa na azumi, amma ɗaya na kurɓar ruwa da tsakar rana, ɗayan kuwa ko ɗigo ba ya bari ya wuce masa maƙogwaro. Tambayoyi kan taso daga nan, kuma sau da yawa kunya ce ke hana a yi su.

A ɗauki misalin ma'aikatan jinya biyu a wani asibiti a garin. Musulmar na son gayyatar abokiyar aikinta Kirista, wadda ta girme ta, shan ruwa a gidansu. Ta san baƙuwar za ta ji nauyin tambaya, don haka ta haɗa gayyatar da 'yar wasiƙa. Ta buɗe da "Anti, barka da war haka, ya gida, ya yara?" kamar yadda suka saba gaisawa, sannan ta shiga magana.

Ta fara da dalili, kuma ta faɗe shi kai tsaye: umarnin Allah ne. Azumin Ramalana ɗaya ne daga cikin shika-shikan Musulunci biyar, an wajabta shi a Madina a shekara ta biyu bayan Hijira, wato 624 Miladiyya. Ayoyin da suka yi bayaninsa suna cikin Suratul Baƙara, daga ta 183 zuwa ta 187, kuma ta farkonsu ta ambaci manufarsa, wato samun taƙawa, tsoron Allah da kiyaye dokokinsa. Mutum na iya shiga ɗaki ya sha ruwa babu wanda ya gan shi. Abin da ke hana shi kawai shi ne sanin cewa Allah na ganinsa. Tausayin mai jin yunwa da yawan sadaka suna biyo baya, amma mai wasiƙar ba ta sa su a gaba ba, balle zancen rage ƙiba. Ta yi daidai. Mai addini ya fi saurin gane dalilin ibada a bakin mai addini ɗan'uwansa idan ba a yi masa kwana-kwana ba.

Wannan ayar dai ta nuna an wajabta azumi a kan al'ummomin da suka gabata, kuma a nan ta sami mahaɗa. Anti ta san Linjila ta ba da labarin azumin kwana arba'in da Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ya yi a jeji. Sai dai wasiƙar ba ta ce azumin biyu ɗaya ba ne. A tsarin Katolika, ranar Larabar Toka da Jumma'ar da ke gaban Ista ana cin cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu, ruwa kuma ba a hana shi ba. Na Musulmi kamun baki ne gaba ɗaya daga ci da sha da kusantar iyali, tun ketowar alfijir har faɗuwar rana, kwana 29 ko 30, gwargwadon ganin wata. A Kaduna cikin Maris, wannan na nufin daga wajen ƙarfe 5:30 na asuba zuwa wajen 6:40 na yamma, sama da awa goma sha uku a lokacin da zafi ya fara kankama. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana goma sha ɗaya, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu zuwa damina, haɗuwarsa da Lent kuma dacewa ce ta 'yan shekaru.

Akwai ƙananan abubuwa na wurin aiki da ta warware mata. Ta ce Anti ta daina ɓoye kular abincinta a ƙarƙashin teburi, don ganin mai ci ba ya karya azumin kowa. Idan ta ga fira ta ragu bayan La'asar, gajiya ce da kiyaye harshe, ba fushi ba. In kuma wata rana ta ga Musulma na shan shayi a ɗakin hutu, ta kawar da kai kada ta tambaya: mai haila da mai jinin biƙi ba sa azumi, mara lafiya da matafiyi an yi musu rangwame, duka za su rama daga baya, tsohon da ba zai iya ba kuma ya ciyar.

Sashen da ya fi tsawo shi ne na faɗuwar rana, domin nan ne baƙo ya fi rikicewa. Ta roƙe ta ta iso da kamar minti ashirin kafin Magariba, kuma ta fito da wuri, saboda a wannan lokacin kowa sauri yake yi, masu Keke Napep kuma rabinsu sun nufi gida. Za ta tarar da tabarma a shimfiɗe, maza a zaure ko tsakar gida, mata a ciki. Za ta cire takalmi ta zauna. Ga dabino a faranti, ga yankakkiyar kankana da lemo, ga ƙosai da zafinsa an rufe da murfin kwano, ga kunun tsamiya ko na gyaɗa a kofuna, ga zoɓo da ƙanƙara na narkewa a ciki. Komai na gaban kowa amma babu mai miƙa hannu. Yara na leƙen agogo, manya na addu'a ƙasa-ƙasa, domin lokaci ne da ake kyautata zaton karɓar roƙo. Ba a bukatar Anti ta yi azumi a ranar, jira kawai za ta taya su na 'yan mintuna.

Da ladan ya ɗaga murya, sai a fara da dabino da ruwa, koyi da Manzon Allah (SAW), kuma ba a jinkirtawa, don gaggauta buɗa-baki sunna ne. Da hannun dama ake ci. Daga nan sai abin da ke ba sabon baƙo mamaki: bayan 'yan lomomi, kowa ya miƙe. Maza su tafi masallacin unguwa, mata su shimfiɗa darduma, a yi Magariba raka'a uku. Minti goma ne zuwa sha biyar. Wasiƙar ta ce Anti ta ci gaba da shan kununta a inda take, babu wanda zai ce ta tashi ko ta yi salla; kada dai ta gitta ta gaban mai salla. Ta kuma gargaɗe ta cikin raha da kada ta cika ciki da ƙosai, domin tuwon shinkafa da miyar taushe na zuwa bayan an sallame.

Irin wannan zumunci ba baƙo ba ne a Kaduna. Fasto Yohanna Buru ya yi suna a garin wajen rabon hatsi ga Musulmi mabuƙata a watan azumi. Saboda haka in Anti ta nace sai ta riƙo wani abu, mai wasiƙar ta ce kankana ɗaya ko ledar lemo ta wadatar.

Ta rufe da lokacin tashi da gaisuwa. Wajen ƙarfe takwas za a kira Isha'i, a zarce da sallar Asham, gidan kuma zai sake watsewa, don haka baƙuwar da ta yi sallama kafin nan ba ta yi gaggawa ba. Da an buɗe baki za ta ji ana ta cewa "Barka da shan ruwa," ita ma ta faɗa wa kowa har da maigida. Washegari a wurin aiki, "An sha ruwa lafiya? Ya ibada?" ta isa gaisuwa har ranar da Sarkin Musulmi zai sanar da ganin watan Shawwal.