Daga Hoton Waya Zuwa Jadawalin Farashi: Yadda Mai Shago Zai Kauce Wa Kuskuren Lamba

Manyan dilolin kayan masarufi, irin waɗanda ke Kasuwar Singa a Kano, sukan buga farashin kayansu a takarda, su manna a bango ko su miƙa wa mai saro kaya. Da yake farashi ba ya zama wuri ɗaya, takardar wannan makon ba lallai ta yi daidai da ta makon jiya ba. Mai ƙaramin shago a unguwa yakan ɗauki hotonta da waya ya tafi gida, sannan ya zauna da biro da kalkuleta yana fitar da kuɗin kowane kaya ɗai-ɗai. Yanzu wayar da ta ɗauki hoton tana iya karanta rubutun da kanta, ta zuba shi cikin jadawalin lissafi irin na Excel ko Google Sheets. Fasahar da ke wannan karatu ita ake kira OCR. Karatun ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, amma ingancinsa ya rataya ne a kan abubuwa biyu da ke hannun mai shago: kyan hoton, da tacewar da zai yi bayan an karanta.

A ɗauki misalin mai shagon tireda da ya samo takarda mai kaya 60. Kowane layi yana ɗauke da abubuwa huɗu: sunan kaya, girmansa, adadin da ke cikin katan, da kuɗin katan. Farashin da za a ambata a nan na misali ne kawai.

Hoton shi ne tushe

Manhaja ba ta san taliya ba, ba ta san sabulu ba. Siffar baƙi kawai take gani a kan farar takarda, ta kwatanta shi da haruffan da ta sani. Saboda haka duk abin da ya gurɓata siffar harafi zai gurɓata karatu.

A shimfiɗa takardar a kan tebur, a danne gefunanta idan ta nannaɗe, a riƙe wayar daidai saman tsakiyarta. Hasken rana a inuwa, kamar na bakin ƙofar shago da hantsi, ya fi na filasha, musamman idan takardar tana cikin leda ko an lulluɓe ta da roba, domin filasha takan bar farin tabo ya cinye lambobi biyu ko uku. A goge idon kyamara da gefen riga, a taɓa fuskar waya a kan rubutun har ya fito sarai kafin a ɗauka. Idan rubutun ƙanana ne, gara a ɗauki rabin sama daban, rabin ƙasa daban. Haka nan idan dila ya jera kaya gida biyu a shafi guda, hagu da dama, kowane gida ya samu hotonsa.

Karkatar waya ita ce ta fi ɓarna. Tsakanin sunan kaya a hagu da kuɗinsa a dama akwai fili mai faɗi, to idan hoton ya ɗan jirkice, manhaja takan haɗa suna da kuɗin layin da ke ƙasa da shi. Sai a wayi gari madara ta ɗauki kuɗin sukari, kuma babu wata alamar da za ta nuna an yi kuskure.

Wanda kuma dila ke turo masa hoton ta WhatsApp, ya roƙi a turo shi ta hanyar Document. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, WhatsApp yakan rage masa nauyi, ƙananan lambobi su dusashe har 3 ta yi kama da 8.

Wace manhaja za ta karanta?

Hanya mafi sauƙi ita ce ta Excel na waya. Tun 2019 kamfanin Microsoft ya saka masa abin da ake kira Data from Picture. Mutum zai buɗe sabon jadawali, ya shiga Insert, ya zaɓi Data from Picture, ya ɗauki hoto ko ya ɗauko wanda ke cikin waya, sannan ya datse gefunan hoton ya bar jadawalin zalla. Kan takarda mai tambarin dila da lambar waya a yanke shi, domin rikita tsarin layuka yake yi. Aikin yana buƙatar data, tunda ba a cikin wayar ake karatun ba. Idan ya kammala, Excel zai haska akwatunan da yake shakka a kansu domin a gyara kafin a danna Insert.

Akwai kuma hanyar Google. Manhajar Google Lens tana kwafo rubutu daga hoto, haka ma Google Drive a kwamfuta idan aka buɗe hoto da Google Docs. Duka biyun suna karanta haruffa da kyau, sai dai ba su cika kiyaye tsarin jadawali ba. Sau da yawa sunaye sukan fito a jere, kuɗaɗe su biyo baya a wani jerin, sai mutum ya sake haɗa su da hannu. Ga takarda mai layi goma wannan ba komai ba ne, amma ga mai layi 60 hanyar Excel ta fi.

Tace abin da ya fito

Abu na farko shi ne tsari. Layin sama na kanun bayanai ne: A suna, B girma, C adadi a katan, D kuɗin katan. Kowane kaya layi guda, daga na 2 zuwa na 61. Idan dila ya rubuta "500g x 20" a haɗe, a raba su, 500g ya tafi B, 20 ta tafi C, domin lissafi ba ya yiwuwa da akwatin da ya haɗa harafi da lamba.

Daga nan sai kuɗin. Jadawali yana bambanta lamba da rubutu, kuma ido na iya ganin bambancin: lamba tana jingina dama a cikin akwati, rubutu yana jingina hagu. Duk kuɗin da ya kwanta hagu akwai wani abu tare da shi. Alamar naira ce ta fi jawo haka, domin manhaja takan karanta ₦ a matsayin N ko #. Akan kuma samu harafin O a gurbin sifili, ko ƙaramin l a gurbin 1. Don a san yawan masu matsala, a rubuta waɗannan a wasu akwatuna biyu da babu komai:

```
=COUNTA(A2:A61)
=COUNT(D2:D61)
```

Na farko yana ƙirga sunaye, na biyu yana ƙirga lambobi na gaskiya kaɗai. Idan na farko ya ba da 60, na biyu ya ba da 53, to kuɗaɗe bakwai ne ke buƙatar gyara. Ana iya cire N ɗin gaba ɗaya da Find and Replace, amma a tabbatar layin kuɗi kaɗai aka zaɓa, in ba haka ba zai kwashe N daga sunayen kaya ma. A waya, inda zaɓen yake da wuya, gyara bakwai ɗin da hannu ya fi aminci.

Sunayen Hausa ma suna son dubawa. Haruffa masu ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ, sukan dawo k da d da b, ko wata baƙuwar alama. Girman kaya irin 1/2 kuwa, Excel kan ɗauke shi kwanan wata, don haka a mai da layin B zuwa Text sannan a sake rubutawa.

Lambar da ta yi kama da gaskiya

Kuskuren da ke cin kuɗi shi ne wanda ya wuce duk wannan bincike salin alin. Katan ɗin sabulu mai guda 48 yana kan 16,800 a takarda. Manhaja na iya ganin waƙafi kamar aya ta rubuta 16.800, wanda jadawali zai fahimta a matsayin naira goma sha shida da ɗoriya. Tana kuma iya ganin 6 kamar 8 ta rubuta 18,800. Duka biyun lambobi ne lafiyayyu, suna jingine dama, COUNT ya ƙirga su.

Abin da ke tona su shi ne kuɗin guda ɗaya. A layin E a raba kuɗin katan da adadi, a F kuma a ɗora riba, a ce kashi 10 cikin ɗari, a ɗaga zuwa hamsin mafi kusa saboda matsalar canji:

```
=D2/C2
=CEILING(E2*1.1,50)
```

Taliya mai guda 20 a kan 18,000 za ta ba da 900, a sayar 1,000. Madarar gwangwani 24 a kan 14,400 za ta ba da 600, a sayar 700. Sabulun nan ya kamata ya ba da 350. Idan aya ta shiga gurbin waƙafi, zai nuna 0.35, wanda ko yaro ya san ba haka ba ne. Idan 6 ce ta koma 8, zai nuna kusan 392. Mai shagon da ya saro sabulu makon jiya ya san kuɗinsa a ka, don haka tashin naira 42 a guda ɗaya zai sa ya koma kan takarda ya duba. Da bai duba ba, zai rubuta 450 a kan abin da maƙwabcinsa ke sayarwa 400, masu saye su koma can.

'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram su ƙara lura a nan. Takardun da aka buga bisa tsarin Faransanci sukan raba dubbai da fili ko aya, kamar 16 800 ko 16.800, waƙafi kuma na ɓangaren lamba ne. Yadda jadawali zai fahimce su ya danganta da harshen da aka saita wayar. Excel na Faransanci ma sunayen ƙa'idojinsa daban ne: COUNT yana zama NB.

Matakin ƙarshe na mutum biyu ne, kuma shi kaɗai ke kama kuɗin da ya tsallaka layi. Yaron shago ya riƙe takarda yana karantawa da ƙarfi, maigida yana bin waya da ido. "Sukari, katan, dubu ashirin da biyu." "Na gani, ci gaba." Suna da kuɗi tare ake faɗa, ba kuɗi kaɗai ba. Layi 60 ba zai wuce minti goma ba.

Idan an gama, a sa wa fayil ɗin sunan dila da kwanan wata, a ajiye hoton asali tare da shi don ranar da aka yi saɓani a kan farashi. Ranar da sabuwar takarda ta fito ba sai an sake komai daga farko ba. Sunaye da girma da adadi suna nan yadda suke, sabon kuɗi ne kawai za a zuba a layin G kusa da tsohon, bayan an tabbatar dila bai sauya jerin kayan ba. Ƙa'idar `=G2-D2` a layin H za ta nuna abin da ya tashi da abin da ya sauka, kuma duk bambancin da ya yi yawa fiye da kima a fara duba shi a kan takarda kafin a sauya farashin da ke jikin kanta.