Yadda za ku gane samfurin keken ɗinki daga hoto, da ko zai iya ɗinka yadi mai kauri

Cinikin keken ɗinki na hannu tsakanin Hausawa mazauna ƙetare da 'yan uwansu teloli yakan fara ne da hoto guda. Ɗan uwa a Bronx ko Birmingham ya ga keke a shagon tsofaffin kaya, ya ɗauki hotonsa ya tura wa tela a Nima ko Sabon Zango, tare da tambaya: wane iri ne wannan, kuma zai ɗinka jins da tamfol?

Galibi abu biyu ake dubawa kafin a ba da amsa, wato sunan da aka rubuta a jikin keken da kuma nauyin ƙarfensa. Dukansu biyu suna iya yaudarar mai saye. Abin da ke fallasa asalin keke shi ne inda aka dasa wasu 'yan sassansa, abin da ke nuna ƙarfinsa kuma shi ne allurar da yake ɗauka, da tsayin ɗagawar ƙafarsa, da yadda yake jan yadi.

Me ya sa suna kaɗai ba ya isa?

Baƙin keken nan mai adon ruwan zinare da kowa ya sani ya samo asali ne daga samfurin Singer 15, wanda ya fito tun ƙarshen ƙarni na 19. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Japan sun kwaikwayi ƙirarsa, suka fitar da kekuna masu ɗimbin yawa ɗauke da sunaye iri-iri, sau da yawa sunan shagon da zai sayar da su. Butterfly na birnin Shanghai, wanda ya cika kasuwanninmu, shi ma wannan ƙirar ya bi. Ke nan kekuna biyu masu suna daban suna iya zama abu ɗaya a ciki.

Akasin haka ma yana faruwa. Singer 15 da 66 da 99 da 201 duk baƙaƙe ne, duk sunan kamfani ɗaya suke ɗauke da shi, amma kayan cikinsu sun sha bamban. Ƙari a kan haka, tsofaffin kekunan kamfanin da yawa ba a rubuta lambar samfuri a jikinsu ba. Lambar da ake gani a gaban faifan keken, ta ɓangaren dama, lambar ƙira ce ta wannan keken shi kaɗai. Tana da amfani, domin ƙungiyar masu tara kekunan ɗinki ta ISMACS ta wallafa jerin waɗannan lambobi, inda ake iya gano samfurin da lokacin da aka ƙera shi. Lambar da ta fara da haruffa biyu, na farko A, daga masana'antar Elizabethport ta jihar New Jersey ta fito. Wadda na farkonta E ne kuma daga Clydebank ta Scotland.

Hotunan da ya kamata a nema

Hoto ɗaya daga gaba ba ya wadatarwa. A nemi mai sayarwa ya ƙaro huɗu: na fuskar keken ta hagu inda allura take, na wurin kwarkwaro bayan an zare murfinsa, na bayan keken inda injin lantarki yake, da na kowane ɗan allo mai rubutu ko lamba, a kusa sosai yadda za a iya karantawa.

Abu na farko da za a duba shi ne dunƙulen da ke saita taurin zaren sama, wanda teloli ke kira tanshin. Idan yana manne a fuskar keken ta hagu, yana kallon gefe, to keken ɗan gidan Singer 15 ne, ko na asali ko kwaikwayo. Idan kuwa yana gaba yana kallon mai ɗinki, to a karkata ga 66 ko 99 ko 201.

Wurin kwarkwaro shi ke tabbatar da zancen. A dangin 15, kwarkwaro yana cikin gidansa na ƙarfe da ake cirowa, wanda ake kira shatil, kuma a tsaye ake cusa shi ta gefen hagu. A 66 da 99 da 201, kwantar da kwarkwaron ake yi ta sama. Samfurin 99 ƙaramin 66 ne, kashi uku cikin huɗu na girmansa, don haka filin da ke tsakanin allura da ginshiƙin keken ya yi kaɗan ga mai naɗe babban yadi.

Misali: baƙin keke daga Amurka

A ɗauka tela a Accra ya samu irin waɗannan hotuna daga New York. Aikin da yake nema wa keken shi ne rage ƙafar wandon jins, da ɗinka kayan kaki na 'yan makaranta, kuma yana son ya fara yin jakunkunan tamfol.

Hoton hagu ya nuna tanshin a fuskar keken, shatil kuma a tsaye: ɗan gidan 15 ne. Lambar ƙira ta fara da A da wani harafi, wato ƙirar New Jersey. Babu ɗan maɓallin sauke haƙora a kan faifan ta dama, wanda ake yawan gani a kekunan kwaikwayo. A hoton baya kuma babu bel. Maimakonsa akwai wani dunƙule mai kama da 'yar tukunya manne a bayan wilin hannu. Wannan alamar ta isa: keken 15-91 ne, wanda aka riƙa ƙerawa daga shekarun 1930 zuwa na 1950, kuma injinsa da giya yake juya keken kai tsaye.

Wannan ganowar ta zo da gargaɗi biyu. Na farko, injin na wutar Amurka ne mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120, alhali wutar Ghana 230 ce, saboda haka sai da na'urar rage ƙarfin wuta. Tun da babu bel, mayar da shi keken takawa ba abu ne mai sauƙi ba kamar sauran 'yan gidansu. Na biyu, ɗan yatsan da ke jikin shatil ɗinsa yana kallon wajen ƙarfe 11 na agogo, alhali na Butterfly da yawancin kekunan kwaikwayo yana kallon ƙarfe 1. Idan aka aiko keken babu shatil, wanda aka fi samu a kasuwa ba zai zauna ba.

To zai iya aikin?

A fara da ƙafar da ke danne yadi. A irin wannan keke takan ɗaga kusan milimita 7. Kaki ninki biyu ko uku ba ya kusa da wannan. Kalmasar ƙafar jins ninki uku ce, ita ma tana wucewa lafiya. Matsalar tana wurin da kalmasar ta hau kan tsohon ɗinkin gefen wando. Idan ɗinkin gefen mai ninki huɗu ne, aka kuma naɗe shi sau uku, an samu ninki 12, kuma a jins mai nauyi wannan tudu yana iya kai iyakar ɗagawar ƙafar ko ya zarce ta. Teloli kan daka wurin da guduma ya kwanta, sannan su juya wilin da hannu har a haye.

Sai allura. Keken gida yana ɗaukar allura mai shafaffen gindi, wadda ake rubuta 130/705H ko 15x1 a kwalinta, kuma mafi girman da aka saba samu ita ce 110/18. Allurar 100/16 ko 110/18 ta isa jins. Amma kaurin zaren nailan da ake so a jakar tamfol ko kushin yana buƙatar lamba 21 zuwa 23, kuma ko da an samu allurar, ƙugiyar ƙasa ba a yi ta domin irin wannan zaren ba.

Na uku shi ne jan yadi. Keken gida haƙoransa na ƙasa kaɗai ke ja, ƙafar sama kuma dannewa kawai take yi. A tamfol mai santsi ko mai danƙo, ninkin ƙasa yana tafiya, na sama yana jinkiri, sai a kai ƙarshen ɗinki a tarar bakin biyu bai daidaita ba. Tazarar ɗinkinsa ma ba ta wuce kusan milimita 4 ba, kuma ramuka kusa da juna suna raunana tamfol da fata.

Hukuncin ke nan: wannan keke zai yi kaki ba tare da wahala ba, zai yi gyaran jins jefi-jefi da haƙuri, amma ba na sana'ar jaka ba ne.

Harafi ɗaya a keken masana'anta

Keken masana'anta ba ya ɓuya a hoto. Yana zaune cikin babban tebur, injinsa na ƙarƙashin tebur, akwai maɗagin ƙafa da ake turawa da gwiwa, da sandar ɗora manyan zare. Sai dai ba kowannensu ne na yadi mai kauri ba, domin da yawa saboda sauri aka yi su.

Juki DDL-8700, wanda ya yi suna a shagunan teloli, yana iya yin ɗinki 5,500 a minti ɗaya, amma na matsakaicin yadi ne, allurarsa daga lamba 9 zuwa 18. Ɗan uwansa DDL-8700H ba ya wuce 4,000 a minti, amma yana ɗaukar lamba 20 zuwa 23. Daga nesa kamar an tsaga kara suke, don haka sai hoton allon samfuri ne zai nuna harafin H. Mai yawan aikin jins da kaki mai nauyi, wannan ne nasa.

Mai jaka da kushin da fata kuwa yana buƙatar keke mai ƙafa biyu, kamar Juki DNU-1541 ko tsohon Singer 111W155. A hoton kusa za a ga ƙafa ƙarama a ciki da babba a waje, kowace da sandarta. Suna takawa bi da bi, allura da haƙora kuma suna ja tare, ta yadda duk ninkin ke tafiya lokaci ɗaya. DNU-1541 yana ɗaga ƙafa har milimita 16 da gwiwa, tazarar ɗinkinsa tana kai milimita 9. Amma kada a saye shi domin shadda ko atamfa, zai tattare su ya bar musu tabo.

Haka kuma rubutun Heavy Duty da ke jikin wasu sababbin kekuna, irin su Singer 4423, bai fitar da su daga sahun kekunan gida ba. Allurar gida suke ɗauka, haƙoran ƙasa ne kaɗai ke ja.

Abin da hoto ba zai nuna ba

Hoto yana faɗin samfuri, amma ba ya faɗin lafiyar keke. Kafin a biya kuɗin jirgi da na kwastan, a nemi ɗan gajeren bidiyo. A sa mai sayarwa ya ninka ƙafar tsohon jins, ya ɗinka daga ninki uku ya haye tudun gefe, sannan ya juyo bayan yadin a gani.

Idan ɗinkin yana tsallake a kan tudun, allura na lanƙwasawa ne ko kuma saitin ƙugiya ya goce. Idan tazarar ɗinki ta ƙanƙance a wurin, haƙora sun kasa ja. Idan injin ya tsaya yana gurnani sai an taimaka masa da hannu tun a ninki uku ko huɗu, to ƙarfinsa bai kai ba, ko kuma tsohon mai ya daskare a ciki. Zaren da ya cukurkuɗe a ƙasa kuwa galibi laifin saƙa zaren sama ne ko saitin tanshin, kuma ana gyara shi ba tare da sayen komai ba.