Ranar Rigakafi: Me Ya Sa Ake Cewa A Sammako, A Zo Da Kati?

Da la'asar ɗin Litinin mai shela yakan zagaya unguwa da lasifikarsa, ko kuma liman ya faɗa bayan sallame salla don maza su kai gida: gobe Talata akwai rigakafin jarirai a asibitin sha-ka-tafi, daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana, kowace uwa ta zo da katin ɗanta, kuma ta shirya zaman awa biyu ko uku. Ranar da lokacin sun bambanta daga gari zuwa gari, amma abubuwa ukun nan, lokaci da kati da jira, kusan kowace sanarwa tana ɗauke da su. Mata da yawa suna jin su kamar dokar ma'aikata kawai. Alhali kowanne yana da dalili, kuma mafi yawan dalilin yana cikin wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Allurar tarin fuka da ake yi wa jariri sabon haihuwa, wadda mata suka sani da Bi-si-ji, ba ruwa ce take zuwa ba. Busasshen gari ne a kwalba, sai an zuba masa ruwan haɗinsa kafin a zuƙa a sirinji. Haka ma allurar ƙyanda da ta zazzaɓin shawara. Kwalbar Bi-si-ji ɗaya ta jarirai 20 ce, ta ƙyanda kuwa galibi ta yara 10. Da zarar an haɗa, agogo ya fara tafiya: bayan awa shida, ko kuma idan an tashi daga aikin ranar, duk abin da ya rage zubarwa ake yi, don ƙarfinsa yana raguwa kuma ƙwayoyin cuta suna iya shigarsa. Kwalbar da aka haɗa da ƙarfe tara na safe ba ta da sauran amfani bayan ƙarfe uku. Wannan ne ya sa asibitoci da yawa suke ware wa waɗannan allurai rana guda a mako, kuma shi ya sa ma'aikaciya takan ce wa matar da ta riga kowa zuwa: "Maman jariri, ɗan zauna tukuna, bari mutane su taru."

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a buɗe kwalba ko da yaro ɗaya ne ya zo, domin asarar magani ta fi sauƙi a kan yaron da aka mayar gida bai samu ba. Amma ma'aikaciyar da aka ba kwalabe ƙidayayyu, wadda kuma za ta yi bayanin kowace a ƙarshen wata, takan ji nauyin fasa ta mutum ashirin saboda mutum biyu. Uwar da ta biya kuɗin Adaidaita Sahu ko ta tako daga ƙauye, aka ce mata ta dawo mako mai zuwa, sau da yawa ba ta dawowa. Idan dole ne a mayar da ita, mafi ƙarancin haƙƙinta shi ne a faɗa mata takamaimiyar rana, a kuma duba ko akwai wata allurar da lokacinta ya yi a yi wa yaron kafin su tafi. Allurar Fenta, alal misali, ruwa ce tun asali, kuma kwalbarta da aka buɗe tana iya kaiwa kwana 28 idan an adana ta yadda ya dace, don haka babu hujjar jinkirta ta.

Akwai kuma batun sanyi. Yawancin magungunan rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Asibitin da ke da firji mai aiki da hasken rana yana iya fara aiki da wuri. Wanda ba shi da shi sai wani ya hau babur da sassafe zuwa ɗakin sanyi na ƙaramar hukuma, ya ɗauko kason ranar a cikin 'yar kula mai ƙanƙara. Shi ya sa a wasu wurare ana buɗe ƙofa ƙarfe takwas amma allurar farko ba ta shiga sai wajen goma. A jikin kwalbar akwai wata alama, ɗan murabba'i fari a tsakiyar da'ira mai duhu. Idan zafi ya yi wa maganin yawa, murabba'in yakan rine har ya yi daidai da da'irar ko ya fi ta duhu, kuma daga nan ba a amfani da shi.

Sauran jiran na layi ne. Ana karɓar katuna bisa yadda aka zo, a ɗora jariri a sikeli, a nemo sunansa a babbar rajista, a yi wa mata ɗan jawabi kan shayarwa da tsafta, sannan a fara kira. A ƙaramin asibiti mutum ɗaya ko biyu ne ke yin duk wannan. Bayan allura kuma ana so uwa ta ƙara zama kamar minti 15 zuwa 30, saboda a kan samu, ko da yake da wuya ƙwarai, yaron da jikinsa ke ƙin magani nan take, kuma a asibiti ne ake da abin taimakonsa. Wadda ta karya kumallo, ta riƙo ruwan sha da zanen canji da nafkin, ta sa wa jaririn kayan da ba su da wuyar cirewa a cinya da dantse, zaman yakan zo mata da sauƙi. Ba a hana shayarwa a layi, hasali ma ba shi nono lokacin allura yana rage masa kuka.

To kati fa? Hanya mafi sauƙi ta gane aikinsa ita ce a bi jaririya ɗaya. A ɗauka an haife ta a gida ranar Litinin 3 ga Maris, 2025, a unguwar da ake rigakafi kowace Talata. A tsarin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, abu uku ne nata tun daga haihuwa: Bi-si-ji a dantsen hagu, ɗigon shan inna a baki, da allurar ciwon hanta nau'in B. Ta ciwon hantar an fi so a yi ta cikin awa 24 na farko, domin ita ce ke tare cutar da kan iya wucewa daga uwa zuwa ɗa wajen haihuwa, kuma idan aka haura mako biyu ba a yin wannan ta farkon. Saboda haka jira har a yi suna, balle a gama wankan jego, ɓata lokaci ne mai tsada. Idan mai jego ba za ta fita ba, kaka ko gwaggo ko mahaifin suna iya kai jaririyar. A ranar ce ake buɗe mata kati, a rubuta ranar haihuwa, wadda daga ita ake lissafin duk abin da zai biyo baya.

Zuwa na biyu a mako shida ne, wato kwana 42, kwana biyu kacal bayan arba'in, lissafin da ba ya ɓace wa kowace mace. Ga wannan jaririya ya faɗa 14 ga Afrilu, don haka za a rubuta mata Talata 15. Ran nan za a yi mata Fenta ta farko, allura ɗaya mai kariya daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo, cutar da ta addabi Kano a 2023, da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora. Za a haɗa mata da ta ciwon huhu, da rigakafin shan inna, da ɗigon gudawar yara da Najeriya ta shigar cikin tsarinta a 2022. Sai a dawo 13 ga Mayu, sai kuma 10 ga Yuni, kowanne da tazarar mako huɗu.

Yanzu a ce uwar ta yi tafiya biki, ba ta samu zuwa ranar 13 ga Mayu ba sai 27. Mata da yawa a nan suke sarewa, suna ganin abin ya lalace, ko kuma suna tsoron faɗan ma'aikata. Babu abin da ya lalace, kuma ba a komawa farko. Ma'aikaciya za ta duba kati, ta ga an yi Fenta ta ɗaya, ta yi ta biyu, ta mayar da ta uku zuwa 24 ga Yuni, saboda bai kamata tazarar ta gaza mako huɗu ba. Ko a garin da aka je bikin ma ana iya yi, kowane asibitin gwamnati zai karɓi katin, kuma rigakafin kyauta ne. In babu kati sai a shiga lalube: allura nawa aka yi, a wace cinya, kafin azumi ne ko bayan Salla? Tabon dantse yana shaidar Bi-si-ji kaɗai, sauran ba sa barin alama. Idan kati ya ɓace ko ruwa ya ci shi, a koma inda aka fara, a nemo sunan a rajista a sake wani. Ajiye shi a leda, da ɗaukar hotonsa a waya bayan kowane zuwa, yana hana wannan wahalar.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan mako 14, domin tazarar ta yi tsawo. A wata shida akwai ɗigon bitamin A. A wata tara, farkon Disamba ke nan ga jaririyar nan, akwai ƙyanda da shawara da sanƙarau, sannan ƙyanda ta biyu a wata 15. Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar cewa ɗigon da masu bi gida-gida suke yi ya wadatar. Wancan na shan inna ne, ƙari ne a kan na asibiti, ba ya tare ƙyanda ko mashaƙo.

Tambayar da mata suka fi yi a bakin layi ita ce ta zazzaɓi. Ɗan mura ko tari mai sauƙi ba ya hana rigakafi, a kawo yaron a bar ma'aikaciya ta duba. Bayan Fenta jiki yakan yi ɗumi, cinya ta ɗan kumbura, yaro ya yi rigima kwana ɗaya ko biyu. A ci gaba da ba shi nono, a rage masa kaya, a sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a wurin, kada a murza ko a gasa da ruwan zafi, farasitamol kuma sai gwargwadon da ma'aikaciya ta faɗa. Wurin Bi-si-ji yakan yi ɗan ƙurji bayan makonni kaɗan, ya fashe, ya warke ya bar tabo, kuma ba a shafa masa komai. Amma idan jariri ya yi jijjiga, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya canza, ko kuka mai tsanani ya kai awa uku bai tsaya ba, ko wurin allurar ya tara ruwa yana ƙara girma, ba a jiran wata Talata. A koma asibiti a ranar, da katin a hannu, domin a cikinsa za a ga abin da aka yi masa da ranar da aka yi.