Sukarin Jinin Yaro Ya Faɗi: Nawa Ake Ba Shi, Yaushe Ake Sake Gwaji?

A lokacin damina, sashen gaggawa na yara ba ya rabuwa da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar. Yaro ya wuni bai ci komai ba, jikinsa ya saki, ko ya shiga jijjiga, iyaye kuma hankalinsu ya tafi kan zazzaɓin kaɗai. Ma'aikacin jinya da ya san aikinsa yakan fara ne da tsira wa yaron ɗan tsinke a yatsa ya auna sukarin jininsa. Ƙwaƙwalwa da gulukos take aiki, ajiyar da ke hantar ƙaramin yaro kuwa ba ta da yawa, don haka 'yar yunwa haɗe da ciwo kan iya ƙarar da ita.

Littafin kula da yara a asibiti na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugun 2013, ya ja layi a 2.5 mmol/L, wato 45 mg/dL. Ƙasa da haka sukari ya faɗi. Ga yaro mai tamowa mai tsanani, layin yana 3 mmol/L. Na'urorin gwaji ba ma'auni ɗaya suke nunawa ba, shi ya sa ake duba haruffan da ke gefen lambar kafin a yanke hukunci. Idan babu na'urar kuma yaron ya suma ko yana jijjiga, ba a jira, ana yi masa magani kamar an tabbatar.

Ma'aunin da littafin ya bayar shi ne mililita 5 na ruwan gulukos mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari ga kowane kilo, ta jijiya. A ɗauki yarinya 'yar shekara biyu da ta hau sikeli ta nuna kilo 12. Biyar sau 12 ya ba da mililita 60, wato giram 6 na gulukos, kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi na sukari. Ɗan wannan abin yakan sa yaron da ya suma ya buɗe ido cikin mintoci. Jariri sabon haihuwa nasa daban ne, mililita 2 ga kowane kilo, kuma wasu asibitocin da wannan ƙaramin ma'auni suke farawa har ga manyan yara. Ma'aikaci yana bin ƙa'idar asibitinsa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne idan abin da ke kan kanta mai ƙarfin kashi 50 ne. Wannan ruwa ya yi kauri ga jijiyar yaro, yana ƙona ta, idan kuma ya tsiyaye ƙarƙashin fata yakan bar gyambo. Sai a sirka shi: kashi ɗaya nasa, kashi huɗu na ruwan allura. Ga yarinyar nan, mililita 12 ke nan a haɗa da 48, a samu 60 ɗin da ake nema.

Farfaɗowar yaro ba ita ce ƙarshen aiki ba. Giram 6 ba ya daɗewa a jikin da ciwo ke ci, kuma maganin kwinin, inda har yanzu ake amfani da shi, yana sa jiki ya ƙara fitar da insulin, sukari ya sake faɗuwa. Saboda haka bayan minti 30 ake sake gwaji. Idan lambar tana ƙasa da layi, a maimaita mililita 60 ɗin nan. Idan ta hau kuma yaron na iya haɗiya, a ba shi nono ko abinci nan take. Mai tamowa a fara masa madarar F-75 kaɗan-kaɗan, dare da rana. Wanda bai iya haɗiya ba, a ɗaura masa ƙarin ruwa mai gulukos, ko a ba shi madara ta robar hanci. Duk lokacin da ya sake yin lakwas, ko gumi ya karyo masa, ko jijjiga ta dawo, a gwada ba tare da duba agogo ba. Idan kuwa sukari ya daidaita amma bai farfaɗo ba, sai a nemi wani dalili, kamar sanƙarau ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Wani lokaci jijiyar ce take ƙin samuwa. A nan ana jiƙa ƙaramin cokali ɗaya na sukari da ɗigon ruwa a sa a ƙarƙashin harshe, a maimaita duk bayan minti 10 zuwa 20, dabarar da aka gwada a kan yara a Burkina Faso da Mali. Iyaye ma za su iya yin wannan a kan hanyar asibiti, yaron na kwance a gefensa. Abin da bai kamata ba shi ne ɗura wa yaron da ya suma ruwan sukari ko lemo a baki, domin yana iya shaƙewa ruwan ya gangara huhu.