Tambayar CAPM a Jarrabawa: Lissafin Ba Wuya, Fassarar Beta Ce Ke Kayar da Ɗalibai

Duk ɗalibin da ya karanci harkar zuba jari ya san tambayar nan, domin da wuya jarrabawa ta wuce ba ta fito ba. Za a ce masa takardun lamunin gwamnati na ba da ribar kashi 10 cikin 100 a shekara, ana kuma sa ran kasuwar hannun jari baki ɗaya za ta ba da kashi 16. Ga wani kamfani mai beta 1.5. Wace riba ya kamata mai saka kuɗi ya nema a hannun jarinsa, kuma me wannan beta ke nufi?

Dabarar da ake amfani da ita, wato CAPM, William Sharpe ne ya wallafa ta a 1964, bisa harsashin da Harry Markowitz ya aza a 1952. Ga yadda ake rubuta ta:

```
E(Ri) = Rf + βi × [E(Rm) − Rf]
```

Rf ita ce ribar da ake samu ba tare da kasada ba, kashi 10 ke nan a tambayarmu. Abin da ke cikin baka kuma shi ne ladan da kasuwa ke biyan wanda ya yarda ya ɗauki kasada: a cire 10 daga 16, saura 6. A ninka 6 da 1.5, a sami 9, a ɗora a kan 10. Amsa kashi 19.

Gaggawa ce ke ɓata wannan lissafi. Wani zai ninka 1.5 da 16 kai tsaye, ya ƙara 10, ya rubuta 34. Akwai hanyar kama kuskuren tun kafin a miƙa takarda: a sa 1 a gurbin beta. Dole amsar ta zama ribar kasuwa, wato 16. In ta fito 26, an manta cirewa. A kuma lura, wani lokaci mai tambaya kan ba da ladan kasadar ne a shirye, ya ce 6. To a nan ba a sake cire komai.

Amma inda maki ke zubewa da gaske shi ne fassara. Da yawa sukan rubuta cewa kamfanin ya fi sauran haɗari, su wuce. Wannan rabin amsa ce. Beta na auna yadda hannun jari ke amsa motsin kasuwa ne kawai. Idan ribar kasuwa ta ƙaru da kashi 10, ana sa ran ta wannan kamfani ta ƙaru da kusan 15. In kasuwa ta faɗi, shi ma faɗuwarsa ta fi zurfi. "Ana sa ran" aka ce, ba alkawari ba ne.

Dubi manomin da ke da gonaki a wurare dabam-dabam, nan gero, can wake, can dawa. In tsutsa ta cinye gona guda, sauran za su rufa masa asiri. In fari aka yi kuwa, ba wadda za ta tsira. Gobara a masana'anta ko rikicin shugabannin kamfani irin tsutsar nan ne, rarraba jari na maganinsu, don haka CAPM ta ce kasuwa ba ta biyan kowa ladan ɗaukarsu. Hauhawar farashi da tashin kuɗin ruwa su ne farin, kuma irin wannan haɗarin beta ke aunawa. Shi ya sa kamfani mai beta 0.5 zai iya zama mai yawan hawa da sauka, in dai dalilan na cikin gidansa ne.

Sau da yawa tambayar kan ci gaba. A ce mutum ya sa kashi 60 na kuɗinsa a kamfanin farko, 40 a mai beta 0.5. Kowace beta sai a ninka ta da kasonta: 0.9 da 0.2, jimla 1.1. Ribar da ake nema ta zama 10 da 6.6, wato kashi 16.6.

Tarko na ƙarshe shi ne a ce wani masani ya yi hasashen kamfanin farko zai ba da kashi 17. Ɗalibi ya ga 17 ta fi 16 ta kasuwa, ya ce a saya. Ina! Da 19 ake gwadawa. Mai ba da 17 alhali kasadarsa ta 19 ce, farashinsa ya yi tsada.

Dabarar ba ta rasa masu suka ba. A 1992 Eugene Fama da Kenneth French sun nuna cewa a kasuwar Amurka beta kaɗai ba ta bayyana bambancin riba tsakanin kamfanoni yadda aka zata, kuma ita kanta daga farashin baya ake ƙiyasta ta. In an nemi ka faɗi raunin CAPM, ka kawo waɗannan biyun. In ba a nema ba, rubuta 19 ɗinka, ka bi ta da jimla guda mai cewa haɗarin kasuwa ne beta ta auna, ba dukkan haɗarin kamfanin ba.