Yadda Ake Warware Doguwar Jimla: Darasi Daga Dokar Zaɓen Shugaban Ƙasa

Sashe na 134(2) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 jimla ce guda ɗaya, amma ta sha wahalar da manyan lauyoyi. Idan aka faɗi ma'anarta da Hausa a numfashi ɗaya, ga abin da take cewa: inda 'yan takarar shugaban ƙasa suka wuce biyu, za a ɗauka an zaɓi ɗan takara idan shi ne ya fi kowa yawan ƙuri'u, kuma ya samu abin da bai gaza kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa ba a kowace ɗaya daga cikin aƙalla kashi biyu cikin uku na dukkan jihohin tarayya da Babban Birnin Tarayya, Abuja. Kafin mai karatu ya iso Abuja, ya manta inda aka faro.

Dalilin wahalar shi ne maganganun a cikin juna suke, kamar ƙorai da aka jera ƙarama cikin babba. Don haka matakin farko shi ne a nemo ginshiƙin jimlar, wato wane ne ake magana a kansa, kuma me aka ce zai faru da shi. A nan gajere ne: "za a ɗauka an zaɓi ɗan takara." Duk sauran sharuɗɗa ne da aka rataya masa, kuma kalmomi irin su "inda", "idan" da "kuma" su ne ke nuna bakin kowane sharaɗi.

Daga nan sai a ba kowane sharaɗi jimlarsa. Dokar tana aiki ne idan 'yan takara sun wuce biyu. Dole mai nasara ya fi kowa ƙuri'u a faɗin ƙasa. Dole kuma goyon bayansa ya bazu a jihohi.

Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, domin lissafi biyu ne a cikinsa, kuma kowanne da abin da yake ƙirgawa. Kashi ɗaya cikin huɗu ƙuri'u yake ƙirgawa, kashi biyu cikin uku kuwa jihohi. Hanya mafi aminci ita ce a fara daga can ciki a fito waje. A ƙirga jihohi, a cire kashi biyu cikin uku nasu: a jihohi 36, ya zama 24. Sannan a shiga kowace jiha a tambaya, cikin kowane mutum huɗu da suka jefa ƙuri'a a nan, shin ya samu aƙalla ɗaya? Kuskuren da aka fi yi wajen taƙaitawa shi ne zubar da "a kowace". Da zarar ta faɗi, mai saurare zai zaci kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ake nufi. Yadda ake gane an yi ɓarna shi ne a gwada da ɗan takarar da ya tara miliyoyin ƙuri'u a jihohi goma kacal. Idan gajerun jimlolin sun ba shi nasara alhali doguwar ta hana shi, to an yar da wani abu a hanya.

Sai dai warwarewa tana da iyakarta. Tana nuna inda dokar ta bar giɓi, amma ba ta cike shi. A 1979 jihohi 19 ne, kuma dokar zaɓen lokacin tana da irin wannan sharaɗi. Alhaji Shehu Shagari ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya kusa da kashi 20 cikin ɗari. Kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu. Obafemi Awolowo ya ce ba a gutsuttsura jiha, saboda haka 13 ake bukata. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a lissafa sulusi biyu na ƙuri'un Kano kawai, a nemi rubu'insu. Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari kujerarsa a watan Satumba na shekarar.

A 2023 rigimar ta koma kan wutsiyar jimlar, inda aka ce "jihohin tarayya da Abuja". Mai warwarewa na gaskiya dole ya rubuta fassara biyu a nan. Ta farko: a haɗa Abuja da jihohi su zama 37, sannan a cire kashi biyu cikin uku. Ta biyu: a cika sharaɗin jihohi, sannan a sake samun kashi ɗaya cikin huɗu a Abuja ita kaɗai. Bola Tinubu ya wuce adadin jihohin da ake nema, amma bai kai kashi 25 a Abuja ba, shi ya sa masu ƙara suka riƙe ta biyun. Ranar 26 ga Oktoba, 2023, Kotun Ƙoli ta tsaya a kan ta farko, cewa Abuja ba ta da wani matsayi na musamman da ya ɗora ƙuri'unta sama da na sauran jihohi.