Lambobin Titanic a hoton allo: yadda ake fassara su

Ɗalibai masu koyon ƙididdiga sukan yi gwaji da bayanan fasinjoji 891 na jirgin ruwan Titanic, wanda ya nutse a 1912. Idan aka tambayi manhajar R ko jinsi ya shafi tsira, ta hanyar lissafin da ake kira lojistik, ga abin da za ka gani a hoton allon da aka turo maka:

```
            Estimate
(Intercept)    1.057
Sexmale       -2.514
```

Waɗannan lambobi logaridim ne na abin da za mu kira rinjaye, wato waɗanda suka tsira a raba da waɗanda suka mutu. Kafin su yi ma'ana sai an warware su da maɓallin `e^x` na kalkuleta, wato `exp` a R.

Fara da layi na biyu. `exp(-2.514)` zai ba ka 0.081. Wannan shi ne ninkin rinjaye, wanda wasu manhajoji ke rubutawa `Odds ratio`. Tunda an rubuta `Sexmale`, mata ne ma'auni, su ake gwada maza da su. Idan ka juya lissafin, 1 a raba da 0.081, rinjayen tsirar mace ya ninka na namiji kusan sau 12.

A nan ne mutane da yawa ke zamewa, har da masu rubuta kundin digiri. Sai su ce mace ta fi namiji yiwuwar tsira sau 12, alhali ba haka lissafin ya ce ba. Yiwuwa tana da tata hanyar, kuma ba ta samuwa sai da layin farko. Ga namiji, haɗa lambobin biyu: 1.057 da -2.514 sun ba da -1.457. Sannan:

```
exp(-1.457) = 0.233
0.233 / (1 + 0.233) = 0.189
```

Kusan kashi 19 cikin ɗari ke nan. Ga mace, 1.057 kaɗai za ka warware, ka sami 2.88, ka raba da 3.88, ya fito kashi 74 cikin ɗari. Ashe ninkin bai ma cika huɗu ba. Ninkin rinjaye da ninkin yiwuwa ba sa kusantar juna sai abin da ake aunawa ba ya yawan faruwa, tsira a Titanic kuwa ta samu ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗannan fasinjoji.

Shi kansa hoton yana iya yaudara. Duba kan ginshiƙi tukuna: a SPSS, `B` ɗanye ne, `Exp(B)` kuwa an riga an warware shi, kada ka maimaita. Lamba mai alamar ragi ɗanya ce tabbas, domin ninkin rinjaye ba ya sauka ƙasa da sifili. In kuma mai ɗaukar hoton ya yanke layin `(Intercept)`, wanda SPSS ke kira `Constant`, ninkin rinjaye kawai za ka iya fitarwa. Yiwuwa sai ya sake turo maka cikakken hoto.